Gaisuwar Sallar bara ta kore mini mai ciniki

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon kayan abinci a wata unguwa a Makka, inda nake sayar da shinkafa, manja, kuka, daddawa, goro da sauran kayan gida. Bara ɗan yayana ya haɗa mini hoton barka da Sallah mai ɗauke da sunan shago da lambar waya da sanarwar rangwame, muka tura wa mutum kusan 200 a lokaci ɗaya ta WhatsApp. Waɗanda suka amsa ba su kai goma ba. Abin da ya fi damuna, wani dattijo da ya daɗe yana ciniki a wurina, ina binsa riyal 340, ya zo ran kwana uku da Sallah ya ajiye riyal 100 fuska a ɗaure, tun daga nan bai sake shigowa ba. Wata kuma da mijinta ya rasu a Sha'aban ta sami saƙon da ke cewa "kai da iyalinka". Bana ina so kowa ya ji da shi nake, amma goman ƙarshe ta shigo, ba ni da lokacin ko da zama. Yaya zan yi?
Wani mai shago, Makka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya karɓi ibadarmu, ya sa albarka a kasuwa.

Bari in fara sauke maka wani nauyi. Shirun da ka ji ba duka raini ba ne. Idan ta jerin New broadcast kuka tura, WhatsApp ba ya kai irin wannan saƙo sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, kuma jerin ɗaya ba ya wuce mutum 256. Mai ciniki da yawa shagonka ya sani, fuskarka ya sani, amma lambarka ba ta cikin wayarsa. Idan saƙonnin suna nan, koma ka duba: duk inda ka ga alama ɗaya tilo a ƙasan hoton, bai isa ba sam. Waɗanda ya isa gare su kuwa, ya faɗa cikin hotunan jinjirin wata da fitila da suka cika musu waya a daren, daga banki, daga kamfanin waya, daga dangin nesa. Mutum yana ganin an buga abu don kowa da kowa, ya san ba a jiran amsarsa. Ɗan yayanka bai yi laifi ba, abin da ya ga manyan kantuna suna yi shi ya yi maka. Kada ka hana shi aikin bana, zan faɗa maka inda ya dace da shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, saka sunan mutum a kan saƙo bai isa ya sa ya ji da shi ake ba, domin banki ma yana yin haka. Abin da kake da shi wanda babban kanti ba shi da shi, ka san mutanen nan. Ka san wanda ƙafarsa ta dame shi har ya koma yin tarawihi a zaune, ka san wadda ɗanta ya sauke Alƙur'ani a watan nan, ka san wanda ba ya sayen goro sai fari. Gaisuwa tana zama ta mutum ce idan akwai magana ɗaya a cikinta da ba za ta yi ma'ana ba in an tura wa maƙwabcinsa. Kuma ba za ka iya yi wa mutum 200 haka ba, saboda haka rage su. Ɗauki littafin shago bayan sallar asuba, lokacin da unguwa ta yi tsit, ka rubuta waɗanda in sun yi mako biyu ba su leƙo ba za ka tambayi lafiyarsu. Ina tsammanin ba za su wuce talatin ko arba'in ba. Gaban kowane suna ka sa kalma biyu ko uku na abin da ka sani game da shi bana. Wanda ka rasa abin rubutawa a gabansa, shi ba na wannan jerin ba ne, ya isa ka gaishe shi da fara'a ran da ya shigo.

Kafin mu je kan waɗannan, dattijon nan shi ne farko, kuma maganarsa ba ta waya ba ce. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutum mai shekaru, bashi a wuyansa, Sallah ta zo da ɗinkin jikoki da zakkar fidda kai, sai ga saƙo daga wanda ke binsa, da sunan shago da lambar waya manya-manya, babu ko "Baba". Kai gaisuwa ka aika, shi tuni ya karanta. Riyal 100 ɗin da ya ajiye wataƙila ranto su ya yi don ya tsare mutuncinsa, kuma rashin dawowarsa ya fi kama da kunya fiye da fushi. Mai jin kunyar bashi yakan canza hanya don kada ya bi ta ƙofar shagon, kuma kullum kwanaki na ƙaruwa dawowar na ƙara yi masa nauyi. Shi ba zai fara zuwa ba. Kai ne za ka je, da ƙafarka, kafin Sallah, kada ka aiki yaro. Bayan la'asar mutane a gajiye suke, gara bayan tarawihi, ko ka tare shi a masallacin unguwa ku taka tare zuwa gida. Riƙe goro a hannu, irin wanda ka san yana so.

Amma kafin ka fita, yanke shawara kai kaɗai a kan ragowar riyal 240. Allah ya ce a suratul Baƙara aya ta 280 a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, in kuma an yafe ya fi alheri. Idan shagonka zai iya ɗauka, yafe masa, ka faɗa sau ɗaya a taƙaice daga kai sai shi: "Baba, waccan maganar ta littafi na share ta tun tuni, kada ka ƙara tunawa da ita. Ni dai rashin ganinka ne ya dame ni." Sai ka juya hira zuwa wani abu, kada ka tsaya jiran godiya. In ka yafe, ka yafe a matsayin sadaka, kada ka lissafa shi cikin zakkar dukiyarka, domin mafi yawan malamai ba su yarda a mayar da bashin da ake bi ya zama zakka ba. Idan kuwa ba za ka iya yafewa ba, babu aibu, kai ma kana da haya da dillalan da ke binka. Sai ka je gaisuwa zalla, kada ka taɓo kuɗi ko da wasa. In shi ya ɗauko maganar, ka ce, "Ba ita ta kawo ni ba, Baba. Ran da Allah ya hore, ko goma-goma ne ba komai, amma kada wannan ya hana ka aiko yara." Abin da ba na so ka yi shi ne tsaka-tsaki, ka ce "ba komai" alhali a ranka kana jiran kuɗin. Zai ɗauka an yafe, kai kuma ka riƙa kallon littafi, bayan wata uku ku koma inda kuka fito, har ma ya fi muni.

Wannan darasin ya shafi duk wanda sunansa ke littafin bashi. Waɗannan kada su sami rubutu daga lambar shago a kwanakin Sallah. Ka gaishe su baki da baki, a masallaci ko a hanya, ko ka kira su da muryarka su ji babu komai a cikinta. Kuma a bar maganar lissafi har Sallah ta yi mako guda aƙalla. Ga wanda ke aikin gwamnati, ka san albashi ranar 27 ga watan Miladiyya yake shiga, to duk wata tunatarwa ta jira wannan ranar, ta fita ita kaɗai ba a haɗe da addu'a ba.

Baiwar Allahn da ta rasa miji, lokacin da saƙonka ya same ta tana cikin takaba, domin daga Sha'aban zuwa farkon Shawwal ba a cika wata huɗu da kwana goma ba. Mai yiwuwa ta gane cewa saƙon taro ne, amma ganewa ba ta hana zuciya sosuwa. Kada ka je kana tono zancen bara kana ba da haƙuri, za ka tayar mata da abin da ya lafa. Bana ka bari maiɗakinka ko wata 'yar'uwarka ta leƙa ta, ko ka ba ɗanta ɗan ƙunshi ya kai mata, da saƙon baki cewa mai shago yana gaishe da Hajiya, yana yi wa marigayi addu'a, in akwai abin da ake buƙata a aiko. Haka za ka yi wa duk gidan da aka yi rashi tun daga Sallar bara. Ba sabuwar ta'aziyya za ka buɗe ba, gaisuwa ce wadda ta san akwai wanda babu shi a gidan. Kalmomi irin su "a sha shagali lafiya" ba na irin wannan gida ba ne. Don haka, da ka gama jerin sunayenka, karanta wa maiɗakinka. Mata sun riga mu jin labarin rasuwa da haihuwa da rabuwar aure a unguwa, za ta tsayar da kai a inda za ka yi tuntuɓe.

Sauran mutanen jerin, shawarata saƙon murya. Dalilin a fili yake a gari irin Makka. Akwai dattawan da a nan aka haife su, Hausa ce a bakinsu amma rubutun boko ba su saba da shi ba, Larabci suke karantawa. Akwai waɗanda suka zo daga Kano ko Damagaram da girmansu, su kuma rubutun Larabcin ke ba su wuya. Murya ta raba wannan gardama, kuma ba a iya shakkar cewa kai ne ka yi ta. Kada ta wuce daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Ka fara da kiran mutum yadda kake kiransa a shago, in Baba ne Baba, in Malam ne Malam, in Abu wane kake ce masa to haka. Sai barka da Sallah, sai maganar nan guda ɗaya tasa, sai addu'ar da ta dace da ita. Ga misali ga wanda ya yi fama da ƙafa: "Salamu alaikum Baba Alhaji, barka da Sallah, an sha ruwa lafiya? Na ga duk da ƙafar nan ba ka bar sahu ba har aka kai ƙarshe. Allah ya karɓa, ya ƙara sauƙi, ya maimaita mana. A gaishe da mutanen gida." Ga na matashin da ya yi aure a shekarar: "Ango, barka da Sallah. Wannan ce ta farko da iyali, Allah ya sa a ga ta baɗi da ƙaruwa. Sai ka zo karɓar goronka." Ka lura babu sunan shago a ciki, babu "muna godiya da ciniki". Ya san ko kai wane ne, ya san abin da kake sayarwa.

Akwai iyaka a nan da nake so ka kiyaye sosai. Mai shago yana ganin asirin gidaje: ya san wanda ya koma sayen shinkafa kilo-kilo bayan da buhu yake ɗauka, ya san wanda maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ta hana shi barci, ya san gidan da aka daina sayen madarar jarirai ba zato. Ba duk abin da ka sani ke shiga gaisuwa ba. Ran Sallah ana buɗe saƙon murya a falo cike da baƙi, wayar a bisa tabarma kowa na ji. To ka auna kowace magana da wannan: in surukinsa na zaune a gefe, zai ji daɗin a ji ta? Saukar karatu, haihuwa, dawowa daga tafiya, sabon aiki, lafiyar da kowa ya san an samu, duk sun wuce. Rashin lafiyar da a asirce ya faɗa maka, neman aiki, rikicin gida, waɗannan addu'a ce a zuci.

Matan aure masu aiko da saƙon kaya ta waya, lambarsu amana ce da aka ba ka don a kai musu kaya. Kada ka tura musu murya. Ka gaishe da maigidan ka ce a gaida Hajiya, ko maiɗakinka ta gaishe su. Tsohuwar da ta kai ta haife ka, wadda ke zaunawa a kujerar shago tana yi maka faɗa a kan tsadar manja, ita kam kira ta kai tsaye, za ta fi kowa jin daɗi, sai dai ka tanadi minti goma don ba za ta sake ka da wuri ba. Kuma kada ɗan yayanka ya tara masu ciniki a zaure ɗaya na WhatsApp don sauƙi. Yin haka na bayyana lambar kowa ga kowa, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata maka da wani gida.

Waɗanda ba Hausawa ba, Bayamale ne ko Basudane ko ɗan gari, ka gaishe su da abin da kunnensu ya saba: "Kullu am wa antum bi hair", ko "minal a'idin" da ake amsawa da "minal fa'izin" a nan Hijaz. "Taƙabbalallahu minna wa minkum" kuwa ta kowa ce, an ruwaito sahabbai suna faɗa wa juna ita ranar Idi. Amma ƙa'idar ba ta canza ba, bayan gaisuwar ka ƙara abin nan ɗaya nasa.

Maganar lokaci ta fi sauƙi fiye da yadda kake tsoro. Daren da Kotun Ƙoli ta sanar da ganin wata kada ka tura komai, kai kana fama da masu sayen shinkafar fidda kai da alawa, su kuma wayoyinsu sun cika. Ranar Sallah da safe mutane sun kwana ba barci, sun tafi Harami tun kafin asuba, an yi Idi jim kaɗan bayan fitowar rana, an ci abin karyawa a gidan babba, sai kowa ya kwanta har la'asar. Wannan rana ta dangi ce. Taka ita ce rana ta biyu da ta uku, tsakanin la'asar da isha'i, lokacin da hayaniya ta lafa kuma saƙo ɗaya yana iya tsayawa shi kaɗai. Mu yi lissafi: mutum 36, ka cire shida da za ka gani ido da ido, saura 30. Kowane saƙo da tunaninsa da ɗaukarsa bai fi minti biyu ba, awa ɗaya ke nan gaba ɗaya. Raba ta gida biyu, sha biyar yau sha biyar gobe, don kada muryarka ta gaji ta koma kamar mai karanta takarda. Kada ka ɗauki murya ɗaya ka riƙa turawa. Masu cinikin da suka koma Najeriya ko Nijar amma kuna gaisawa, tuna cewa agogonsu yana bayan namu da awa biyu, kuma wata shekarar ranar Sallarsu takan bambanta da ta nan, to jira har ka tabbatar sun sauko daga Idi.

Ɗan yayanka kuma ga aikinsa. Ya haɗa hotonsa mai kyau ya sa a Status na lambar shago, wanda ya ga dama ya kalla. Sanarwar kasuwa, wato an kawo buhunan fidda kai, ga ranar da za a rufe, ga ranar da za a buɗe, ta fita wajen 25 ga Ramadan a matsayinta na sanarwa, ba tare da an lulluɓe ta da addu'a ba. Mutane suna son sanin wannan, ba sa jin haushinsa. Abin da ke ɓata rai shi ne a miƙo hannu da sunan gaisuwa, ka buɗe ka tarar da talla.

In kana da hali, ka ɗora goron Sallah a kai, amma kada ka matsa wa kanka. Ɗan ƙullin yaji ko daddawa ko goro biyar na kimanin riyal biyar, gida talatin riyal 150 ke nan. Ka sa shi cikin ledar cinikin ƙarshe kafin Sallah da hannunka, ka ce "wannan na Sallah ne", kada ya bi ta hannun yaron shago kamar gyara. Ka ajiye kwalbar alawa don yaran da ake aikowa, su ne ƙafar da ke kawo maka ciniki duk shekara, kuma yaro ba ya manta wanda ya kira sunansa ya ba shi abu ran Sallah. Sai dai wanda ka ba bana zai sa rai baɗi, kuma maƙwabta suna hira, don haka ka zaɓi abin da za ka iya maimaitawa, kada a ba wannan gida a tsallake na kusa da shi alhali duka biyun naka ne.

Za ka gane ta yi aiki daga irin amsar. In mutum ya mayar da murya, ya yi maka addu'a ya ƙara da labarin da ba ka tambaya ba, ta shiga. In ɗan hoto kawai ya turo, wataƙila maganar da ka zaɓa ba tasa ba ce sosai, sai ka ƙara kasa kunne a shekarar. Wanda bai amsa ba kada ka bi shi da "na gaishe ka ba ka amsa ba". Kuma kada ka ɗora wa gaisuwa abin da ba za ta iya ba: wanda ya koma babban kanti don shinkafa ta fi araha a can, zai ji daɗin muryarka ya ci gaba da sayayyarsa a can. Dattijon ma zai iya karɓarka hannu biyu amma ya ɗauki makonni kafin ƙafarsa ta saba da shagon, wataƙila jikansa zai fara aikowa. In yaron ya zo, ka sallame shi kamar yadda ka saba, ka ce a gaida Baba.

Takardar sunayen nan kada ka yar da ita. Sa ta a bayan littafin shago, duk abin da ka ji na haihuwa ko rasuwa ko tafiya ka ƙara a gaban sunan, domin Babbar Sallah saura wata biyu da 'yan kwanaki. Ita kuma lokacinta daban ne a Makka: da yawa daga masu cinikinka suna Mina da Arfa, wasu aikin hajji, wasu hidimar alhazai, ba mai duba waya. Ka jira sai an gama jifa ranar 13 ga Zulhajji sun dawo gida sun huta, sannan ka gaishe su da barka da Sallah haɗe da sannu da aiki.